Zagayen Wasa: Abin da Ke Hana Ɗan Wasa Gundura



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi wata matsala da ke addabar masu tsara wasannin kwamfuta. Sau da yawa mutum yakan kama sabon wasa da ɗoki, amma kafin minti goma ya cika sai ya ajiye shi. Dalili kuwa shi ne, a farko baƙuntar abin ce ke riƙe da shi. Da zarar ido ya saba da launi, kunne ya saba da kiɗa, babu abin da ya saura sai ɗan aikin nan da yake ta maimaitawa. Wannan aiki shi nake kira zagayen wasa, wato ɗan wasa ya duba, ya yanke shawara, ya aikata, ya ga sakamako, sa'an nan ya sake daga farko. Domin kada mu yi ta yawo, zan tsaya a kan misali guda, wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko cikin 1984.

Yadda Zagayen Yake

Filin wasan kamar rijiya yake, faɗinsa gurbi 10, tsawonsa gurbi 20. Tubala suna faɗowa daga sama ɗaya bayan ɗaya. Siffarsu iri bakwai ce, kowanne kuma yana cin gurbi huɗu. Aikin ɗan wasa shi ne ya juya tubali, ya matsa shi dama ko hagu, ya zaunar da shi. In sahu ya cika daga bango zuwa bango sai ya ɓace, abin da ke kansa ya sauko. In kuwa gini ya kai sama, wasa ya ƙare. Iyakar dokokin ke nan, yaro ma zai koye su cikin minti ɗaya.

To, me ya sa tubali na ɗari biyar bai gundiri mutum ba? Amsa ta farko ita ce, kowane tubali yana sauka ne a kan abin da ɗan wasa ya gina da hannunsa. In ya bar kogo a ƙarƙashin gini, sahun nan ba zai cika ba sai ya share duk abin da ya danne shi. Saboda haka hannu yana maimaita aiki ɗaya, amma tambayar da ke gaban ƙwaƙwalwa sabuwa ce kullum. Masu buga dara sun san wannan, domin ƙwayar da mutum ya dasa da fari ita ke buɗe masa hanya ko ta toshe shi daga baya. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko ga mai tsara wasa: sakamakon zagaye ɗaya ya zama shi ne matsalar zagaye na gaba.

Kasada da Riba

Ƙa'ida ta biyu tana cikin rabon maki. Bari mu ɗauki Tetris ɗin da kamfanin Nintendo ya fitar a Amurka cikin 1989 domin na'urarsa ta NES. A matakin farko, sahu ɗaya maki 40 ne, biyu tare 100, uku tare 300, huɗu tare kuwa 1,200. Wato wanda ya share sahu huɗu ɗai-ɗai ya sami 160 kacal, wanda ya share su a bugu guda ya sami ninki bakwai da rabi na wannan.

Amma sahu huɗu ba sa tafiya tare sai da dogon tubalin nan miƙaƙƙe. Dole ɗan wasa ya bar rami mai faɗin gurbi ɗaya a gefe, ya cika sauran gurabe tara har hawa huɗu. Gurbi 36 ke nan, wato tubali tara. Daga nan sai jira. Dogon tubali ɗaya ne cikin iri bakwai, kuma na'urar ba ta yi alkawarin lokacin zuwansa ba. Duk tubali tara da suka sauko yana jira, gininsa ya ƙaru da hawa huɗu, ko da bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ga shi nan tsakanin abu biyu: ya toshe ramin ya karɓi ɗan abin da ya samu, ko ya daure ya nemi babban rabo alhali sama tana matsowa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, amma a nan wanda bai yi kwaɗayi ba ba zai tara maki ba. Da a ce sahu huɗu maki 160 ne ko ta yaya aka share su, da babu mai ɗaukar kasada, da kuma wasan ya zama sharar tsakar gida. Ashe lissafi ɗaya tak ya isa ya raya shawara ko ya kashe ta.

Sauri da Adalci

Shawara komai daɗinta takan zama jiki in an daɗe ana yin ta. Maganin da aka yi wa wannan shi ne sauri. Duk sahu goma da aka share, mataki yakan ƙaru, ladan kowane sahu ma ya ƙaru. A matakin farko tubali yakan ɗauki kimanin sakan 16 kafin ya kai ƙasa, a mataki na 9 kimanin sakan 2, a mataki na 29 kuwa sulusin sakan. Ba a ƙara doka ko ɗaya ba, lokacin tunani kawai aka rage. Ramin da ya zama abin wasa ga ɗan wasa ɗazu, yanzu ya koma abin tsoro.

Sai dai kasada tana da iyaka. A wancan tsari na 1989 mutum yakan ga tubali ashirin ko fiye sun wuce babu dogo, har ya faɗi ba da laifinsa ba. Wanda ya faɗi saboda kuskurensa yakan ce bari in sake, amma wanda ya ga zaluntarsa aka yi sai ya tashi. Shi ya sa daga wajen 2001 aka sauya tsari: ana zuba iri bakwai ɗin kamar a jaka, a cakuɗa, a fito da su ɗai-ɗai har su ƙare, sa'an nan a sake cika jakar. Ta haka tubalan da za su shiga tsakanin dogo da dogo ba za su wuce 12 ba, ƙarin hawa biyar da 'yan kai ke nan. Ɗan wasa bai san mai zuwa ba, amma ya san jiransa yana da ƙarshe, don haka yana iya yin shiri.

Yadda Ake Gane Aibi

Mai tsara wasa ba zai gane lafiyar zagayensa daga bakin abokansa ba, domin kara za su yi masa. Abin da ya kamata shi ne ya cire kiɗa da ado, ya miƙa wa baƙo, ya zauna gefe ya yi shiru na minti ashirin yana lura. In ya ga ɗan wasa ya gano dabara ɗaya da ke ci kullum, yana yin ta yana hira, to, shawara ta mutu, sai a gyara rabon maki yadda hanya mai sauƙi za ta rage riba. In ya ga ƙwararre da sabon shiga suna tashi da maki kusan ɗaya, to, sa'a ta rinjayi gwaninta. In kuwa ɗan wasa ya faɗi, aka tambaye shi dalili ya kasa faɗa, to, wasan ba ya nuna masa kuskurensa. A Tetris kogon da mutum ya bari yana nan a gabansa yana kallonsa har ƙarshe, shi ya sa ba ya zargin kowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, in aka ga mutane suna gundura sai a ƙara kyaututtuka da labari da sababbin wurare. Waɗannan suna iya jinkirta gundura, amma ba sa warkar da ita, domin bayan kowace kyauta ɗan wasa zai koma ga aikin nan dai da ya ishe shi. Gyara daga zagayen yake farawa, sa'an nan ado ya biyo baya.