Ko Ka San Kalmar Turanci Takan Sauya Ma'ana Ba Tare da An Taɓa Harafi Ko Ɗaya Ba?

A kowace kalmar Turanci mai gaɓa biyu ko fiye, akwai gaɓa ɗaya da ake danna wa murya. Takan fi sauran tsawo da ƙara, muryar kuma ta ɗan ɗaga a kanta. Ba a nuna wannan a rubutu, sai dai kunne ya kama. A nan zan rubuta gaɓar da manyan haruffa.

Ɗauki kalmar record. In ka ce REcord, suna ne, wato faifai ko bayanin da aka adana. In ka ce reCORD, ya koma aikatau, wato ɗaukar murya ko rubuta bayani. Haka PREsent kyauta ce, preSENT kuwa gabatarwa. REfuse shara ce, reFUSE kuma ƙin amincewa. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, domin shi ma kukan yaro da kukar miya harafinsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Sai dai a Hausa kowace gaɓa tana riƙe da wasalinta, a Turanci kuwa gaɓar da ba a danna ba raunana take yi, wasalinta ya kusa ɓacewa. Shi ya sa farkon OBject yake fita sarai, amma a obJECT da ƙyar za ka ji shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan tsari ba da shi Turanci ya tashi ba, yaɗuwa ya yi a hankali, kalma bayan kalma. Wani masanin harshe, Donald Sherman, ya bi tsofaffin ƙamusoshi, ya buga sakamakonsa a 1975. Ya gano cewa a wajen 1570 kalmomi uku kacal aka rubuta da wannan rabuwa: outlaw, rebel da record. Zuwa 1660 sun kai 24, a 1800 sun kai 70, a 1934 kuma 150. Daga uku! Kuma har gobe abin bai tsaya ba. Mutumin Landan zai ce maka adDRESS in yana nufin adireshin gida, Amurkawa da yawa kuwa sun riga sun mayar da shi ADdress. Kalmar research ma tana tsakiyar hanya, malamai biyu a jami'a ɗaya kowa da yadda yake faɗinta, kuma ba wanda za a ce ya yi kuskure. Wato kana iya jin harshe yana sauyawa da kunnenka.

To amma kada ɗalibi ya ɗauki wannan doka ce da ba ta da togiya. Report da mistake a gaɓa ta biyu ake danna su, ko suna ne ko aikatau. Promise kuma kullum a ta farko. Ƙamus ne ke raba gardama: yakan sa ɗan tsayayyen layi a sama, daf da gaɓar da za a danna.

Abin yakan tsallaka har zuwa kalmomi biyu a jere. ENGlish teacher malamin da ke koyar da Turanci ne, ko da ɗan Katsina ne. English TEAcher kuwa malami ne ɗan Ingila, wataƙila ma lissafi yake koyarwa.

A cikin jimla kuma Bature yakan danna kalmar da yake so a lura da ita. Dubi wannan: I didn't say he stole the money. In ya danna I, yana nufin ba ni na faɗa ba, wani ne. In ya danna say, bai furta da baki ba, amma ya nuna alama. In he ya danna, an yi satar, sai dai ba shi ake zargi ba. In stole ne, wataƙila aro ya yi. In kuwa money ne, ya yi sata kam, amma ba kuɗi ba. Mu da Hausa sai mun sauya ginin jimlar, mu jawo kalmar gaba mu ce "ba kuɗi na ce ya sata ba". Bature yakan bar kalmominsa inda suke, murya kawai ya motsa. A nan ne mai koyo ya fi shan wahala, don in ya ba kowace kalma nauyi ɗaya, mai sauraro zai ji kalmomin duka amma ya rasa wacce ake musantawa.