Gano kwafi da mannawa a cikin hoto

Gano kwafi da mannawa a cikin hoto wani reshe ne na binciken sahihancin hotuna, wanda ake amfani da shi wajen tantance ko an kwafi wani yanki na hoto an manna shi a wani wuri a cikin hoton kansa. Masu yin wannan jabu suna da manufa ɗaya daga cikin biyu: ko su rufe abin da ba sa so a gani, ko su ƙara yawan abin da suke so a gani, kamar mutane a wurin taro, motoci ko makamai. Ana kiran yankin da aka kwafo tushe, wanda aka manna kuma ana kiransa kwafi.

Irin wannan jabu ya fi wanda ake haɗa hotuna biyu daban wuyar ganewa da ido. Tun da tushe da kwafi daga hoto ɗaya suka fito, haskensu ɗaya ne, launinsu ɗaya, kyamarar da ta ɗauke su ma ɗaya ce. Sai dai wannan shi ne kuma rauninsa. A hoto na gaskiya, da wuya a sami wurare biyu masu cike da bayanai da suka zo daidai ƙwaya da ƙwaya. Mutum biyu za su iya saka hula iri ɗaya, amma karkatar hular, naɗin rigar da faɗuwar inuwa ba za su zama ɗaya ba. Duk hanyoyin ganowa a kan wannan suka dogara.

## Hoton makamai masu linzami na Iran, 2008

Misalin da aka fi kawowa a wannan fanni shi ne hoton gwajin makamai masu linzami da ƙasar Iran ta yi a ranar 9 ga Yuli, 2008. Kafar Sepah News, wadda ke ƙarƙashin Dakarun Juyin Juya Hali, ta fitar da hoton makamai huɗu suna tashi sama a lokaci guda daga cikin hamada. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya rarraba shi, kuma jaridu irin su Los Angeles Times, Chicago Tribune da Financial Times sun buga shi a shafinsu na farko.

Masu lura sun gano abubuwa biyu game da makami na biyu daga dama. Na farko, jikinsa da hayaƙin da ke bin bayansa sun yi daidai da na makamin da ke hagunsa. Na biyu, ƙurar da ta tashi a ƙarƙashinsa ta yi daidai da ƙurar makamin da ke damansa, har da lanƙwasar gefenta. Ƙura da hayaƙi ba sa maimaita siffarsu, domin iska ce ke juya su, saboda haka daidaituwar ba za ta zama dace ba. Wannan ya nuna an haɗa makamin ne daga tushe biyu: samansa daga hagu, ƙasansa daga dama.

Washegari, kamfanin AP ya fitar da wani hoton na wurin, wanda ke nuna makamai uku kacal a sama. A inda makami na huɗu yake, akwai motar harbawa a ƙasa da makaminta bai tashi ba. AFP ta janye hoton farko, ta ce da alama an sauya shi. Kwafin ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya ɓoye makamin da bai tashi ba, ya kuma ƙara yawan waɗanda suka tashi.

An sami makamancin haka a hoton taron jama'a a watan Oktoban 2004, lokacin da kwamitin yaƙin neman zaɓen George W. Bush ya amsa cewa an kwafi wasu sojoji an manna a cikin wani hoto na tallarsa ta talabijin. A watan Agustan 2006 kuma, Reuters ta raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj bayan an ga hayaƙin da ke saman Beirut yana maimaita kansa a wani hotonsa.

## Dubawa da ido

Matakin farko shi ne neman kwafin hoton mafi girma da inganci, sannan a faɗaɗa shi. A hoton taro, mai bincike yakan zaɓi wani abu da ya fita daban, kamar jar hula, lema ko hannun da aka ɗaga, ya nemi irinsa a wani wuri. Idan ya samu, sai ya dubi maƙwabtansa. Jar hula biyu ba hujja ba ce. Amma idan kowace jar hula tana da mai farin rawani a damanta da yaro mai kore a gabanta, a tazara iri ɗaya, to rukuni ne aka kwafa.

Girman mutane ma yana tona asiri. Wanda yake nesa da kyamara ya kamata ya fi na kusa ƙanƙanta, don haka rukunin da aka ɗauko daga gaba aka kai baya yakan fito da girman da bai dace da wurin ba. Ana kuma duba bakin yankin da ake zargi, inda akan ga rabin fuska, kafaɗa marar kai, ko dishi-dishi na gogewar da aka yi don ɓoye mahaɗa.

## Hanyar tubala

Hoto na kwamfuta ya ƙunshi ƙananan ɗigogi da ake kira fiksil, kuma kowane fiksil lamba ce da ke nuna haske da launi. A shekarar 2003, Jessica Fridrich, David Soukal da Jan Lukáš suka gabatar da hanyar da ta zama tushen wannan fanni. Ana yanka hoton zuwa ƙananan tubala masu kusurwa huɗu, misali fiksil 16 a tsaye da 16 a kwance. Tubalan suna hawa kan juna, wato ana matsawa da fiksil ɗaya ne kawai kafin a ɗauki na gaba. Idan tsayin hoto M ne, faɗinsa N, gefen tubali kuma B, adadin tubalan shi ne:

```
(M - B + 1) × (N - B + 1)
```

Hoto mai fiksil 1000 a kwance da 800 a tsaye zai ba da 985 sau 785, wato tubala 773,225. Gwada kowane tubali da duk sauran zai buƙaci gwaji kusan biliyan 300, wanda ya yi yawa. Maimakon haka, ana taƙaita kowane tubali zuwa jerin lambobi ta lissafin DCT, wanda shi ne ake amfani da shi wajen matse hotunan JPEG. Ana rage tsananin lambobin yadda ƙananan bambance-bambance za su ɓace, sannan a jera tubalan kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus. Ta haka tubala masu kama da juna suna faɗowa kusa da juna a jerin, sai a gwada kowanne da maƙwabcinsa kawai.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Duk lokacin da tubala biyu suka yi daidai, ana rubuta tazarar da ke tsakaninsu, misali fiksil 240 zuwa dama da 12 zuwa ƙasa. Daidaituwar da ta faru bisa dace tana warwatse, kowace da tata tazarar. Amma idan an kwafi yanki mai fiksil 60 a kan 60, a cikinsa akwai tubala 45 sau 45, wato 2,025, kuma dukkansu sun matsa da tazara ɗaya. Taruwar dubban tubala a kan tazara guda ita ce shaidar. A hoto irin na Iran, abin da ake sa ran gani shi ne tazara biyu daban, ɗaya ta hayaƙi ɗaya ta ƙura. A 2004, Alin Popescu da Hany Farid na Kwalejin Dartmouth sun fitar da wata hanyar mai kama da wannan, da wani lissafin taƙaitawa daban.

## Hanyar fitattun ɗigogi

Hanyar tubala takan gaza idan mai jabu ya juya kwafin ko ya rage girmansa, kamar yadda mai wayo zai yi idan zai kai mutanen gaba zuwa baya. A nan ake amfani da lissafin SIFT, wanda David Lowe ya ƙirƙira. Yana zaɓo wurare masu fice kawai, kamar kusurwa ko bakin zane, ya siffanta kowanne da lambobi 128 waɗanda ba sa sauyawa sosai ko an juya wurin ko an sauya girmansa. Irene Amerini da abokan aikinta na Jami'ar Florence sun yi amfani da shi wajen gano kwafi a 2011. Rauninsa shi ne wuri mai santsi. Idan an kwafi sararin sama ko rairayi don rufe wani abu, babu fitattun ɗigogin da za a kama.

## Kayan aiki

Shafin Forensically na Jonas Wagner yana da sashe mai suna `Clone Detection`, wanda ke aiki kyauta a cikin burauza. Yana zana layuka tsakanin wuraren da suka yi kama. `Minimal Similarity` yana ƙayyade yawan kamar da ake buƙata, `Minimal Detail` yana watsar da wurare masu santsi, `Minimal Cluster Size` kuma yana ƙayyade adadin tubalan da za su taru kafin a nuna su. Layuka masu yawa da suka tafi a jere, masu tsayi ɗaya da fuskanta ɗaya, su ne abin dubawa. Layukan da suka warwatse ko'ina yawanci ba sa nufin komai.

## Iyakoki da kurakurai

Babban kuskure shi ne ɗaukar maimaituwa ta asali a matsayin jabu. Hotunan da ake ɗauka a gabashin Jihar Sakkwato suna cike da irin wannan maimaituwar: ƙofofin ruwa na madatsar Goronyo da aka gina da siffa ɗaya, kunyoyin albasa da fadamun shinkafa na Wurno, buhunan da aka jera a kasuwa, ko sahun masu fararen kaya a filin Idi a Rabah. Manhaja za ta iya cika irin waɗannan hotuna da layuka alhali ba a taɓa su ba. Hanyar rarrabewa ita ce duba abin da bai kamata ya maimaitu ba. Ƙofofi biyu na madatsa za su yi kama, amma tsatsa, tabon ruwa da fantsamar kumfa za su bambanta. Idan har tabon da kumfar sun zo ɗaya, to akwai kwafi.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar shirun manhaja a matsayin wanke hoto. WhatsApp da Facebook suna rage girman hoto su sake matse shi, hoton da aka ɗauka daga fuskar waya kuma ya fi lalacewa. A hoton da ya bi hannaye da yawa, fuskar mutum a cikin taro takan koma fiksil kaɗan, sai kwafi ya ɓace ko kuma kowa ya yi kama da kowa. Shi ya sa ake neman a turo hoton a matsayin fayil, ba ta hanyar turawa ta yau da kullum ba.

Haka kuma hanyar ba ta ganin yankin da aka ɗauko daga wani hoton daban, ba ta gane hoton gaskiya na wani gari da aka laƙaba wa sunan wani, kuma sau da yawa ba ta iya faɗin wanne ne tushe wanne ne kwafi. Don haka masu tantance labarai sukan haɗa sakamakonta da neman wasu hotuna ko bidiyon da aka ɗauka a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kamar yadda hoto na biyu ya tabbatar da abin da aka yi zargi a kan hoton Iran.