Jita-jita a Gaban Alƙali

A ce ana shari'ar kisan kai, mai shaida ya tashi ya ce, "Maƙwabcina ne ya gaya mini ya ga wanda ake tuhuma riƙe da wuƙa." Nan take lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe ya ce bai yarda ba, kuma gaskiya ce gare shi. Sashe na 37 da na 38 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 sun kira irin wannan jita-jita, sun hana a kafa hujja da ita. Maƙwabcin bai yi rantsuwa ba, kuma ba ya nan balle a tambaye shi ko da dare ne, ko daga nesa ya hango, ko akwai tsohuwar gaba tsakaninsu. Hakan daidai ne a ganina, domin rayuwar mutum ake magana a kai.

Sai dai akwai inda doka ta sassauta. Idan wanda aka soka ya ce wa ma'aikaciyar jinya, "Ba zan tashi ba, wane ne ya soke ni," sannan ya cika, sashe na 40 ya ba ta damar maimaita maganar a kotu. Sharaɗin shi ne ya faɗa yana ganin mutuwa ta kusanto shi, kuma maganar ta shafi sanadin mutuwar. Ana ganin da wuya mutum ya yi ƙarya a wannan hali, ko da yake zai iya kuskuren fuska, don haka alƙali kan auna ta da sauran hujjoji.

Ana karɓar iƙirarin wanda ake tuhuma ma, amma idan duka ko barazana ce ta sa ya amsa laifi, sashe na 29 ya ce a yi watsi da shi.