Lissafin x da y: a kula da alamar ɗebewa

Ƴan'uwa ɗalibai masu shirin jarrabawar birbe, ga tambaya ta uku a takardar aikin da malam ya raba mana, wadda ta kayar da rabin aji:

3x + 2y = 16
3x − y = 1

Tunda 3x na sama da ƙasa, sai mu ɗebe layi na biyu daga na farko, x ya ɓace. To, nan tarkon yake: ɗebe −y daidai yake da ƙara y. Saboda haka 3y = 15, wato y = 5.

Mu sa 5 a layi na biyu: 3x − 5 = 1, 3x = 6, x = 2.

Kada ka miƙa takarda sai ka gwada a layin farko: 6 + 10 = 16, ya yi. Wanda ya manta alamar zai samu y = 15, gwajinsa kuwa 46 zai ba shi.