Idan Gwaji Ya Ce Kana da Cuta

A shekarar 1978, wasu masu bincike sun yi wa likitoci da ɗaliban likitanci 60 na asibitocin koyarwa na Harvard tambaya ɗaya. Ga cuta da ke kama mutum 1 cikin 1,000. Ga kuma gwajin da ke kuskuren nuna ta a jikin kashi 5 cikin ɗari na masu lafiya. An tsinto mutum haka kawai, ba a san alamunsa ba, gwaji ya ce yana da ita. Yaya yiwuwar cewa da gaske yana ɗauke da cutar? Kusan rabinsu suka ce kashi 95. Mutum 11 kaɗai suka dace da amsar, wato wajen kashi 2.

Malaman lissafi a jami'a kan buɗe darasin yiwuwa mai sharaɗi da irin wannan tambaya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye kaso a ƙirga mutane. A tara mutum 1,000. Ɗaya ne mai cutar, mu ɗauka gwajin ya kama shi. Sauran 999 lafiyarsu ƙalau, amma gwajin zai yi wa wajen 50 daga cikinsu ƙage. To, mutum 51 ke nan riƙe da takarda iri ɗaya, guda ne kawai marar lafiya. Ɗaya cikin 51 kuwa bai ma cika kashi 2 ba.

Inda ɗalibi ke zamewa shi ne haɗa tambayoyi biyu masu kama da juna. "Idan mutum na da cutar, gwaji zai nuna?" daban take da "Idan gwaji ya nuna, mutum na da cutar?" A allo ana rubuta su P(B|A) da P(A|B), kuma ƙa'idar Thomas Bayes, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, ita ke sada su. A ganina, gara a jinkirta ƙa'idar har sai ɗalibi ya ƙirga da hannunsa, domin mai hadda kan manta da yawan cutar a cikin jama'a, alhali shi ke juya amsar.

A gwada canza shi a gani. A ce gwajin nan ne aka yi wa masu zuwa asibiti da alamun ciwo, inda mutum 200 cikin 1,000 ke da cutar. Masu lafiya 800 za su ba da sakamakon ƙarya 40, sai amsa ta koma 200 cikin 240, wajen kashi 83. Gwajin bai sauya ba, mutanen da aka gwada ne suka sauya.

Shi ya sa ba a yanke hukunci da gwajin tantancewa shi kaɗai, kamar yadda ake tabbatar da sakamakon ƙanjamau da wani gwaji na daban. In aka sake gwada mutanen nan 51, biyu ko uku ne cikin masu lafiyar za su sake faɗawa. Amma da sharaɗi: gwaji na biyu ya zama wani iri, don kada abin da ya ruɗi na farko a jinin mutum ya sake ruɗarsa.