Minti nawa ƙwai ke buƙata a kan wuta?

Mata biyu za su iya rantsuwa cewa kowacce minti goma ta dafa ƙwanta, amma da an ɓare sai a ga na ɗaya ƙwanduwa da sauran danshi, na ɗayar kuma ta yi gari har da kore-kore a gefe. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ɗaya ta fara ƙirga lokaci tun da ta ɗora tukunya, ɗayar sai da ruwa ya tafasa.

Farin ƙwai da ƙwanduwa ba sa nuna lokaci guda. Farin yana fara daskarewa idan zafi ya kai kimanin digiri 62 a ma'aunin Celsius, ƙwanduwa kuwa sai wajen digiri 65 zuwa 70. Ga shi zafin daga ɓawo yake ratsawa zuwa tsakiya a hankali. Wannan ne ya sa ake iya samun fari ya kama alhali ƙwanduwa tana ruwa-ruwa, kuma minti ɗaya tak kan canza sakamakon.

Hanyar da ta fi sauƙin aunawa ita ce a bari ruwa ya tafasa, a saka ƙwan a hankali da cokali, a rage wuta yadda ruwan zai riƙa ɓararraka kaɗan kaɗan, sannan a dubi agogo. Ga babban ƙwan gidan gona da aka ciro daga firji, minti 6 na ba da ƙwanduwa mai ruwa, minti 8 ta yi kauri da danshi a tsakiya, minti 10 zuwa 12 kuma ta nuna sarai, irin wadda ake yankawa a kan shinkafa da wake. Ƙwan da ke ajiye a ɗaki ana rage masa kamar minti ɗaya, haka ma ƙwan kajin gida da na zabi saboda ƙanƙantarsu. Amfanin wannan hanya shi ne tafasasshen ruwa zafinsa ɗaya ne, ko a kan gas aka ɗora ko a kan gawayi. Ɓawon kuma ya fi saurin fita, domin farin da ya ji zafi farat ɗaya ba ya manne wa fatar ciki sosai. Matsalarta ɗaya: ƙwai mai sanyi kan tsage idan aka jefa shi da ƙarfi.

Fara dafawa da ruwan sanyi shi ne abin da aka fi sabawa da shi a gidaje, kuma ƙwai bai cika fashewa ba. Sai dai a nan agogo kan yaudari mutum, domin ƙwan yana nuna tun kafin ruwan ya tafasa. A ɗauki misalin ƙwai shida a ƙaramar tukunya kan gas, ruwa ya tafasa cikin minti 5. A ɗora ƙwai iri ɗaya a babbar tukunya kan murhun da wutarsa ba ta da ƙarfi, sai ruwan ya kai kwata kafin ya tafasa. A tukunya ta biyu ƙwan ya daɗe a cikin ruwan da ya wuce digiri 70, saboda haka kafin a ga kumfar farko ƙwanduwa ta riga ta fara kamawa. Mai son ta ruwa-ruwa ya makara.

Idan da ruwan sanyi za a fara, dabarar ita ce ruwa ya rufe ƙwan da kamar yatsa biyu. Da zarar ya tafasa sosai a sauke, a rufe da murfi, a ƙirga daga nan: minti 4 ga mai ruwa-ruwa, 6 zuwa 7 ga matsakaici, 10 zuwa 12 ga cikakken dahuwa. Mai dafa ƙwai da yawa don sayarwa wannan hanya ta fi masa, tunda zuba kiret guda a tafasasshen ruwa yakan kashe tafasar, lissafin ya rikice.

Kowace hanya aka bi, a tsoma ƙwan cikin ruwan sanyi da an cire shi, in ba haka ba zafin da ke cikinsa zai ci gaba da dafa shi. Koren zoben da kan fito a gefen ƙwanduwa alamar dahuwa ta wuce ce: sinadarin farin wuta da ke cikin farin ƙwai ya haɗu da sinadarin ƙarfe na ƙwanduwa. Ba ya cutarwa, illa ƙwanduwar ta bushe ta yi ƙarni. A wurare masu tsayi kamar Jos, inda ruwa ke tafasa a kimanin digiri 96, sai a ƙara kamar minti ɗaya. Ƙananan yara, masu juna biyu da tsofaffi kuwa, a ba su wanda ƙwanduwarsa ta nuna sarai, saboda ƙwayar cutar salmonela da ɗanyen ƙwai kan ɗauka.