Tallar Intanet a Abuja: Yadda Tsuke Farashi Kan Hana Talla Kawo Ciniki

ABUJA — 'Yan kasuwa a Babban Birnin Tarayya, tun daga masu shaguna a Kasuwar Wuse har zuwa dillalan gidaje a Gwarinpa, kan sayi gurbin talla a Google domin neman masu saye. Sai dai akwai wani kuskure da kan sa talla ta tsaya cak alhali kuɗin da aka ware mata suna nan a ajiye.

Gurbin talla a Google ta hanyar gwanjo ake samun sa. Duk lokacin da wani ya nemi kaya a wayarsa, sai a gwada tayin masu talla da ingancin tallarsu, a zaɓi waɗanda za a nuna masa. Hanyoyin yin tayin iri biyu ne. A ta farko, wadda ake gani da suna Manual CPC, mai talla ne da kansa ke yanke iyakar abin da zai biya idan an latsa tallarsa. A ta biyu kuwa na'ura ce ke tayi a madadinsa, tana la'akari da wurin da mai nema yake da lokaci da irin wayarsa. Cikin wannan rukuni ne ake da Target CPA, inda mai talla kan faɗi matsakaicin kuɗin da yake so ya kashe kafin ya sami mai saye guda.

A nan gizo ke saƙar. Na'urar takan ƙiyasta yiwuwar cewa mai latsawa zai saya, ta ninka da farashin da aka ba ta, abin da ya fito shi ne kimanin tayinta.

A ɗauki misalin mai sayar da kujeru a Wuse wanda ya ware Naira 20,000 a kullum. A ce kowace latsawa Naira 200 ce, kuma cikin mutum 25 da suka latsa ɗaya ne ke saye. Ke nan kowane mai saye ya tsaya masa a kan Naira 5,000, yana samun huɗu a rana, wato 120 a wata. Idan ribarsa a kan kowane ciniki Naira 12,000 ce kafin a cire kuɗin talla, zai tsira da Naira 840,000 a wata.

To, sai ya ga kuɗin sun yi yawa, ya umarci na'ura da ta riƙa kawo mai saye a kan Naira 2,500. Da wannan lissafi matsakaicin tayinta zai sauka zuwa Naira 100, rabin farashin kasuwa, don haka abokan hamayya za su riƙa kayar da ita a mafi yawan gwanjo. A ce masu saye sun koma 30 a wata. Ribarsa a kan kowanne ta hau zuwa Naira 9,500, amma jimlarta ta faɗo zuwa Naira 285,000. Garin neman araha ya yi asarar Naira 555,000.

Matsalar takan ƙara tsanani da kanta, domin na'urar daga cinikin baya take koyo. Kamfanin Google ya ba da shawarar a auna wannan tsari a kan tsawon lokacin da aka sami ciniki aƙalla 30. Tallar da aka taƙaita ga Abuja kaɗai tana iya jimawa ba ta kai wannan adadi ba. Bugu da ƙari, sau da yawa ana kammala ciniki ne ta kiran waya ko a cikin shago, kuma muddin ba a shigar da shi cikin lissafin tallar ba, na'urar za ta ɗauka ba a sayi kome ba, ta ƙara rage tayi.

Gane cutar ba wuya. Kuɗin rana ba za su ƙare ba, yawan masu ganin talla zai ragu, sannan a shafin rahoto ma'aunin Search lost IS (rank) zai hau, alhali Search lost IS (budget) yana kusa da sifiri. Ma'ana, ƙarancin tayi ne ya hana tallar fitowa, don haka ƙara kasafin kuɗi ba zai yi magani ba.

Ga sabuwar talla ko mai ƙarancin ciniki, ya fi dacewa a fara da tayin hannu, ko da yake yana bukatar sa ido kullum kuma ba ya bambanta mai nema da wani a lokacin gwanjo. Idan ciniki ya taru, sai a miƙa wa na'ura, a sa mata farashin da ya yi kusa da ainihin abin da aka kashe a kwanaki 30 da suka gabata. A misalin da ya gabata wannan na nufin Naira 5,000, daga nan a rage zuwa 4,500, a jira mako biyu a ga sakamako. Duk ranar da jimlar riba ta fara raguwa, an kai iyaka, sai a koma matakin baya.